Yadda ake gyara amsar da ake ba mai ƙorafi a Google Maps

Tambaya: Ina da gidan abinci a Misfala, cikin Makka. Tuwo da masa da shinkafa muke yi, yawancin masu zuwa alhazai ne da 'yan Umara. Duk wanda ya ba mu tauraro ɗaya a Google Maps, ɗana ne yake amsa masa. In na karanta sai in ji kamar faɗa muke yi da mutane, wani lokacin kuma kamar inji ne ya rubuta. Yaya za mu gyara amsoshin su zama gajeru, irin na mutane, ba tare da mun ɗauki laifin da ba namu ba?

Amsa: Hajiya, abu na farko da za ki zaunar da ɗanki ki fahimtar da shi shi ne, amsar da yake rubutawa ba ta mai ƙorafin ba ce shi kaɗai. Shi mai ƙorafin, Google zai sanar da shi an amsa masa, zai karanta sau ɗaya, wataƙila ma ya riga ya koma Kano ko Maradi. Amma amsar tana nan zaune ƙarƙashin sharhinsa, kowa yana gani, wata da watanni. Mai karanta ta na gaske shi ne alhajin da ya fito daga Harami bayan Isha da yunwa, ya buɗe waya yana neman inda zai samu tuwo kusa da titin Ibrahim Khalil. Mutane da yawa ba sa tsayawa kan masu yabo, sharhin masu ƙarancin tauraro suke fara nema, don su ga mafi munin abin da zai iya samunsu. Wannan mutumin ba alƙali ba ne, bai damu da wa ke da gaskiya tsakaninku da wancan ba. Abin da yake son sani shi ne: in abu ya lalace a kansa, yaya mutanen gidan nan za su yi da shi? Duk jimlar da ba ta amsa masa wannan ba, a cire ta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani ya ba ku tauraro ɗaya ya rubuta haka:

"Mun zo bayan Isha ni da mahaifiyata. Mun jira kusan awa ɗaya kafin tuwo ya zo, kuma miyar ta huce. Yaron da ke kanta ko kallonmu bai yi ba. A allo an rubuta riyal 20, aka karɓi 25. Ba zan sake zuwa ba."

Ga irin amsar da mai zafin rai yake rubutawa, kuma ina jin za ki gane ta:

"Ya kai abokin cinikinmu mai daraja, mun gode da ra'ayinka. Muna ba da haƙuri idan har ka ji ba daɗi, amma ya kamata ka sani lokacin Umarar azumi ne, kowa ya san bayan Isha ana cunkoso. Shekara da shekaru muna wannan sana'a, ba wanda ya taɓa cewa abincinmu ya huce. Ma'aikatanmu suna iya ƙoƙarinsu. Maganar kuɗi kuma, komai ya yi tsada, ba mu kaɗai muka ƙara ba. Da ka yi mana magana a lokacin da mun gyara, ba sai ka zo nan ka ɓata mana suna ba. Gamsuwarku ita ce burinmu."

Kusan duk abin da ke cikin wannan amsar gaskiya ne. An yi cunkoso, kaya sun yi tsada, yara suna ƙoƙari. Duk da haka ta fi sharhin kansa yi muku ɓarna, kuma ga dalili.

Farkonta da ƙarshenta su ne suke sa ki ji kamar inji. "Abokin cinikinmu mai daraja" da "gamsuwarku ita ce burinmu" magana ce ta saƙon banki da kamfanin waya. Ba wanda yake faɗa wa mutum haka ido da ido. Kuma in aka liƙa su a ƙarƙashin kowane sharhi, mai karatu yana gangarawa zai ga jimla ɗaya sau goma, sai ya gane ba a karanta abin da mutane suka rubuta. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗauki amsar a ajiye ta ƙarƙashin wani ƙorafin daban. In ta zauna daidai ba tare da an canza komai ba, to ba ta amsa kowa ba.

Tsakiyarta kuma ita ce faɗan. Dubi "idan har ka ji ba daɗi". Mutum ya ce ya jira awa ɗaya da tsohuwa, ana ce masa idan har. An mayar da abin da ya faru ya zama yadda shi ya ji, kamar matsalar a zuciyarsa take ba a kicin ba. Sai "amma" ta biyo baya, ta share haƙurin da aka bayar, domin mai karatu abin da ya zo bayan "amma" yake riƙewa. "Ya kamata ka sani" karatu ne ake yi wa babban mutum. "Ba wanda ya taɓa cewa" ƙaryata shi ne a fakaice, kuma jimla ce mai haɗari, don mai karatu zai iya gangarawa ya samu wani da ya taɓa cewa. Ta ƙarshen, "da ka yi mana magana a lokacin", ita ce mafi muni. Ya riga ya gaya muku wanda zai yi wa maganar ko kallonsa bai yi ba. An ɗauki laifin an ɗora masa, kuma an gaya wa duk mai karantawa cewa a gidan nan ƙorafi ɓata suna ne.

Kafin a taɓa rubutun, sai an bincika. Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne yake raba amsar mutum da amsar inji. Minti goma ya isa. A duba ranar da aka rubuta sharhin, a tambayi wanda ya tsaya a kanta daren, a tambayi masu kicin ko tuwo ya ƙare an sake tuƙa wani, a je a kalli allon farashi da ido. A misalinmu, a ce an samu cewa tukunyar farko ta ƙare, an zuba miya a kwanuka tana jiran tuwo na biyu har ta huce, kuma lallai an ƙara kuɗi mako biyu da suka wuce ba a gyara allon ba. Yanzu akwai abin faɗa. Ga yadda zan so amsar ta koma:

"Assalamu alaikum. Jiran awa ɗaya da mahaifiya, sannan miya ta zo a huce, bai dace ba, kuma daga wajenmu ne. Ka yi haƙuri, ka kuma ba Hajiya haƙuri a madadinmu. Kuɗin tuwo ya koma riyal 25 ba mu canza allon ba, jiya muka gyara shi. Ka kira lambar da ke shafin nan ka nemi mai gidan abincin, a mayar maka da abin da aka ƙara maka."

Jimla huɗu ce bayan sallama. Ta farko ta maimaita masa abin da ya same shi da kalmominsa, awa ɗaya, mahaifiya, miya, don ya san mutum ne ya karanta. Ta biyu haƙuri ne tsantsa, ba "idan" ba "amma", kuma an haɗa da mahaifiyar, domin a wurin Bahaushe wulaƙancin da aka yi a gaban uwa ya fi miyar sanyi ciwo. Ta uku ta faɗi abu ɗaya da aka gyara, abin da duk mai shigowa zai iya ɗaga kai ya tabbatar. Ta huɗu ta fitar da sauran maganar daga bainar jama'a zuwa waya, ta kuma nuna akwai wani takamaiman mutum da za a nema. Tsawon da nake ba da shawara kenan, jimla uku zuwa biyar, kalma arba'in zuwa saba'in. In amsa ta ninka sharhin tsawo, tun kafin a karanta ta ido ya riga ya yanke cewa gardama ce.

Za ki lura ba a ambaci cunkoson azumi ba. Da gangan ne. Duk wanda ya san Makka ya san yadda take a goman ƙarshe, ba ya buƙatar a tuna masa. Dalili yana shiga amsa ne kawai in zai amfani mai zuwa gobe. "Mutane sun yi yawa" uzuri ne. "Daga yanzu muna ɗora tukunya ta biyu kafin Isha" bayani ne, kuma shi ma ya nuna akwai cunkoso ba tare da an fake da shi ba. Amma fa kada a rubuta gyaran da ba a yi ba. Mazauna unguwa suna dawowa, kuma mai sharhi yana da damar komawa ya gyara rubutunsa ya ƙara cewa ya sake zuwa allon yana nan yadda yake.

Maganar yaron kanta ma an bar ta. Ba dole ba ne a amsa kowane ƙorafi ɗaya bayan ɗaya kamar takardar kotu. A ɗauki biyu mafi nauyi. In rashin tarba shi ne babban abin da ya ƙona wa mutum rai, sai a sa jimla ɗaya: "Mun zauna da yaranmu kan yadda ake tarbar baƙi." Kada a ambaci sunan yaron, kada a rubuta an kore shi ko an yanke masa albashi. Gidan da yake jefa ma'aikacinsa gaban jama'a don ya wanke kansa, mai karatu ba ya ganinsa da mutunci.

Maganar allo kuwa, ki ɗauke ta da nauyi fiye da miyar. A Saudiyya farashin da aka rubuta wa mai saye shi ne ya kamata a karɓa, da harajin kashi 15 cikin ɗari a ciki, kuma mai saye yana iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambar 1900. Don haka amsa irin "komai ya yi tsada" tabbatarwa ce a rubuce cewa kun san kuɗin ya bambanta kuma ba ku ga laifi ba. A gyara allon tukuna, sannan a amsa.

Yanzu ga damuwarki ta ɗaukar laifin da ba naku ba. Ba a ce ki amsa abin da ba ki yi ba. Ana iya gyara magana ba tare da kare kai ba, in aka faɗi gaskiyar sau ɗaya, a taƙaice, ba a kuma siffanta mai ƙorafin ba. A ce wani ya yi oda ta manhajar kai abinci gida, irin HungerStation ko Jahez, direba ya yi yawo da abincin, ya iso a sandare, mutumin ya zo Google Maps ya huce a kanku. Kada a ce "wannan ba ruwanmu, ka je ka tambayi kamfanin". A ce: "Masa mai sanyi ba ta ciyuwa, kuma ba haka muke so ta same ka ba. Odarka ta bar wurinmu minti ashirin bayan ta shigo, jinkirin a hanya aka yi shi. Ka shigar da ƙorafi a cikin manhajar, mu ma za mu bi ta namu ɓangaren." An nuna inda matsalar take, ba a ɗauki laifin direba ba, ba a kuma yar da mai saye ba. Minti ashirin ɗin nan sai an duba an tabbatar kafin a rubuta.

Haka in mutum ya yi ƙorafi kan abin da ba ku sayarwa ma, wanda yakan faru a inda gidajen abinci suke jere da sunaye masu kama da juna: "Ba ma yin shawarma a nan, wataƙila wani gidan kake nufi. In wurinmu ne, ka kira mu ka gaya mana ranar." Shi kenan. Ba "maƙaryaci", ba "'yan baƙin ciki", ba "mun san wanda ya turo ka", ba "Allah ya isa". Ko da kina da yaƙinin maƙwabcin sana'a ne ya sa aka rubuta, mai karatu ba shi da wannan yaƙinin, abin da zai gani shi ne mai gidan abinci yana zagin mai saye. Akwai kuma doka. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta Saudiyya ta shekarar 2007, a sashe na uku, ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta wuce riyal 500,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya ɓata sunan wani ta hanyar na'urorin sadarwa. Ba mai sharhi kaɗai ta shafa ba, har da mai amsawa. Saboda haka kada cikakken sunan mutum, ko lambar wayarsa, ko masaukinsa, ko hoton da kyamarar shago ta ɗauka ya shiga amsa. Kuma kada ku yi wa mai ƙorafi barazana da dokar a cikin amsa. Ko ya ji tsoro ya goge, waɗanda suka karanta kafin ya goge sun ga irin gidan.

Sharhin da zagi ne zalla, ko na bogi, ko wanda bai shafi cinikinku ba, akwai hanyar kai ƙararsa ga Google daga cikin Google Business Profile ɗinku, wato inda kuke kula da shafin shagonku. Sai dai Google ba ya cire sharhi don kawai ya yi zafi ko don ba ku yarda da shi ba, sai ya saɓa ƙa'idarsu, kuma dubawar takan ɗauki kwanaki. A kai ƙarar, a rubuta amsa ta jimla ɗaya ko biyu, a bar shi.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba a yi masa irin amsar da muka gyara a sama, wato in mutum ya ce ya ci abincinku cikinsa ya ɓaci. A nan kada a musa, kada kuma a ce "laifinmu ne" alhali ba a san musabbabin ba. A yi masa sannu, a tambayi jikinsa, a nemi ya kira yau ya faɗi ranar da abin da ya ci, a ce ana duba girkin wannan ranar. Kuma a duba ɗin da gaske: firij, naman da aka kawo, miyar da ta kwana. Irin wannan maganar takan kai ga baladiyya, wato hukumar gari, ta lambar 940, masu duba tsafta su zo, kuma abin da kuka rubuta a fili yana nan.

Sai harshe, wanda a Makka ba ƙaramin abu ba ne. Masu rubuta muku akwai mai Hausa, mai Larabci, mai Turanci, mai Faransanci daga Nijar ko Kamaru. A amsa wa kowa da harshen da ya yi rubutu in akwai mai iyawa a gidan. Google yana fassara wa mai karatu rubutun da ba na harshensa ba, kuma fassarar Hausa tana tafiya daidai ne in jimlolin gajeru ne, kai tsaye. Karin magana da habaici da ba'a sukan fito a karkace, abin da kika faɗa da raha ya isa wurin Balarabe ko Bature kamar zagi. A rubuta Hausa cikakkiya, ba gajarce-gajarcen WhatsApp ba. Addu'a ɗaya a ƙarshe, kamar "Allah ya karɓi ibada" ga wanda ya ce Umara ya zo, tana da kyau, don haka muke magana. Amma addu'a ba ta zama madadin amsa ba. In mutum ya ce an ƙara masa kuɗi aka ce masa "Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya", zai ji an rufe masa baki ne da sunan Allah. Haka kiran mutum: in ba a san shekarunsa ba, "Malam" ko "Hajiya" ko sallama kawai ta wadatar, kuma in sunan da ke kan sharhin bai nuna namiji ne ko mace ba, a yi amfani da "ku".

Game da lokaci, kwana ɗaya zuwa biyu ya yi. Kada ɗanki ya amsa a cikin awar da ya fara karantawa, musamman da dare bayan an tashi daga aiki a gajiye, domin a lokacin ne "amma" take fitowa da kanta. Ya rubuta a wani wuri daban, ya yi binciken nan, da safe ya karanta miki da baki. Ki saurara kamar mutumin yana tsaye gabanki a ƙofar shago, mahaifiyarsa na gefe. Duk jimlar da ba za ki iya faɗa masa a haka ba, a goge. Kunnenki zai kama abin da idonsa bai gani ba, tunda ke kika fara jin amsoshin suna ƙarar faɗa.

Tayin mayar da kuɗi ko ba da kwano kyauta, a yi hattara da shi ta fuska biyu. Kada a haɗa shi da sharaɗi, irin "in ka goge za mu mayar maka". Ƙa'idar Google ta hana ba da kuɗi ko rangwame ko kyauta don a rubuta sharhi, ko a canza shi, ko a cire shi. Sannan kada a riƙa shelanta abinci kyauta a ƙarƙashin kowane tauraro ɗaya, don za a samu masu koyon hanyar. A misalinmu an ambaci kuɗi a fili ne saboda haƙƙinsa ne aka karɓa fiye da abin da aka rubuta. Abin da ya wuce haƙƙi, a waya ake yinsa.

Tsofaffin amsoshin da suke nan yanzu ana iya gyara su, mai shafi yana da damar sake rubuta amsarsa ko goge ta. Ba sai an bi duka ba. Ku buɗe shafin a wata wayar da ba ta shagon ba, ku ga sharhin da suke fara fitowa, sannan ku jera su daga mafi ƙarancin tauraro, ku gyara goma na sama. Wanda ya shekara da rubutawa, kada a yi kamar jiya abin ya faru. A ce: "Amsar da muka ba ka a baya ba ta dace ba. Jiran da ka yi gaskiya ne, ka yi haƙuri. Yanzu muna ɗora tukunya ta biyu kafin Isha." In mutumin ya dawo ya ƙara wata maganar mai zafi bayan an amsa masa da kyau, kada a sake gyara amsar don a mayar masa, a bar ta farkon yadda take. Kuma duk lokacin da ƙorafi iri ɗaya ya fito daga mutum uku da ba su san juna ba a cikin wata guda, a ce jira bayan Isha, ki ajiye maganar rubutu ki shiga kicin ki duba ƙarfe nawa ake ɗora ruwan tuwo, da kuma mutum nawa ke zuba miya a wannan lokacin.